Gashin mutum ne ko roba? Abin da hoton peruki zai faɗa miki da abin da zai ɓoye

Tambaya daga Marwa: "Adda, ina wuni? Wata mai sayar da gashi a Duwala ta turo min hotunan peruki ta WhatsApp, inci 26, miƙaƙƙe sumul, ta ce gashin mutum ne zalla, sefa dubu 45 har da kuɗin mota. Na tura miki hotunan guda huɗu. Don Allah ki duba min, na gaskiya ne ko roba, kafin in tura kuɗi? Bikin ƙanwata saura sati uku."

Lafiya lau ƙanwata, Allah ya sanya alheri a bikin. Na buɗe hotunan, na ja su da yatsa har suka fara dishi-dishi, kuma gaskiyar da zan faɗa miki ita ce ban san ko mene ne zaren ba. Ba ƙin taimako ba ne. Na haura shekara goma sha biyar ina kitso da ɗinkin peruki a nan Garwa, gashi iri-iri ya bi ta hannuna, amma duk wadda ta kalli hoto a waya ta rantse miki cewa wannan na mutum ne, zato ta faɗa miki. Hoto yana iya tona asirin kaya marar kyau, wannan kam yana yi. Wanke kaya daga zargi ne ba ya iyawa, ko da kuwa kayan na kirki ne.

Dalilin lissafi ne, kuma ba mai wuya ba. Kaurin silin gashi ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, yawanci wajen 0.07 yake. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi har tsawonsa ya koma ɗigo kusan 1600. To a ce mai hoton ta ja baya don perukin ya fito daga sama har ƙasa, wato ta kama kamar santimita 80. Ki raba, za ki ga kowane ɗigo ɗaya ya haɗiye rabin milimita, sili bakwai ke nan a jere suka zama launi ɗaya. Abin da kike gani kamar sili-sili a allo inuwar tarin gashi ce. Ko ta turo da babban inganci, sai dai bakwai ɗin su ragu zuwa uku.

Abin da ya raba gashin mutum da na masana'anta kuwa ya fi silin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kowane silin gashinmu a lulluɓe yake da ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu duka yana kallon ƙarshen gashi. Ba a ganinsu sai a madubin ɗakin gwaji. Zaren roba ba shi da su, narkakken abu ne aka turo ta ƙananan ramuka ya fito santal. A hannu ana iya jin bambancin: ki riƙe sili ɗaya, ki ja yatsu biyu daga sama zuwa ƙasa, sannan ki dawo daga ƙasa zuwa sama. Na mutum da ba a taɓa ba yana sulɓi a tafiya, yana ɗan cijewa a dawowa. Roba duk ɗaya ne gaba da baya. Yatsa yana ji, kyamara ba ta ji.

Da, ƙyalli yana taimakonmu. Meshin da muke kitso da shi, irin Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi tun 1957, in rana ta doke shi walƙiya yake kamar leda, tun daga bakin layi za ki gane. Yanzu akwai zaren da aka kashe wa ƙyalli tun a masana'anta, aka gauraya launi biyu ko uku don kada ya fito bai ɗaya. A ɗaya gefen kuma, gashin mutum na gaske in aka shafe shi da man silikon aka kunna masa fitilar nan mai zobe, ya fi roba walƙiya. Sai ya zama mai ƙyallin yana iya zama na gaske, marar ƙyallin ya zama na bogi. Ga waya kanta tana gyara hoto ba tare da an sa ta ba, tana goge ƙananan silin da suka tashi. Hotonki na biyu da na uku duk a ƙarƙashin irin wannan fitila aka ɗauke su.

Kada bidiyon ƙarfen miƙar da gashi ma ya ruɗe ki, in ta turo. Tsohon meshi yana narkewa da ya ji ƙarfe, shi ya sa mutane suka ɗauki hakan a matsayin shaida. Amma akwai zaren da ke jure zafi har kusan digiri 180, ana goge shi ya miƙe, ana naɗe shi ya lanƙwashe. Shi ne ma aka fi cusawa cikin gashin mutum, saboda ba ya tona kansa a ranar farko.

Nan ne ainihin matsalar take. Kin tambaye ni kamar kaya iri biyu ne, na gaskiya da roba. Abin da ya cika kasuwa shi ne na tsakiya: gauraye. Bari in ba ki abin da ya same ni, don a kansa na koyi gwajin da nake yi har yau.

Wata shekara, gab da ƙaramar sallah, na sayi ƙulli uku na inci 24 daga wata dillaliya da ban taɓa ganin fuskarta ba, aka sako min a motar dare daga kudu. Kafin in biya ta yi min bidiyo: ta yanki ɗan tsagi daga ƙasan ƙulli, ta kunna masa wuta, ta murje da yatsa ta nuna min toka. Da kayan suka iso ni ma na maimaita, ɗaki ya gauraye da ƙaurin babbakar kan akuya, na ce alhamdulillahi. Na ɗinka wa wata amarya peruki da shi. Kwana goma sha biyu ta dawo da shi a leda, ranta a ɓace. Ta so ta ɗan buɗe launin gaban ne, wata ta shafa mata hodar cire launi, sai kan ya fito kamar zabuwa: wasu silin sun koma ja-ja, wasu suna nan baƙi ƙirin kamar ba a taɓa su ba. Maganin cire launi yana cin launin da ke cikin gashin halitta. Na roba launinsa a cikin narkakken zaren aka zuba shi, maganin ba shi da abin da zai kama.

Na zauna da sauran rabin ƙullin da ya rage min. A wannan karon ban yanka daga ƙarshe ba, na buɗe ɗinkin na yanko daga tsakiya, daf da gindi. Na wanke da sabulun wanke-wanke don man da aka shafa ya fita, na shanya, na ƙirga sili hamsin cif a kan farar takarda. Na zuba ruwan jabel, wanda ba a sirka ba, a kofin gilashi biyu. A na farko na sa silin hamsin ɗin, a na biyu na sa gashin kaina da na ciro daga mataji. Jabel yana narkar da gashin halitta, ba ya cin roba. Cikin ɗan lokaci duka kofunan suka fara ƙananan kumfa. Da gari ya waye, kofin gashina babu komai sai ruwa mai ɗan duhu. A ɗayan kuwa na tsamo sili goma sha tara, lafiyarsu ƙalau, na ja su ba su tsinke ba. Goma sha tara cikin hamsin, kusan huɗu a kowane goma ke nan roba, a kayan da na biya kuɗin zalla.

Kofi na biyun nan kada ki tsallake shi. Jabel yana rasa ƙarfi in ya daɗe, balle a zafin Garwa da Marwa na watan Maris da Afrilu, ga kuma wanda ake sayarwa a gorar ruwa an riga an sirka. In gashinki bai narke ba, jabel ɗin ne ya mutu, gwajin bai ce komai ba, kada ki je ki zargi baiwar Allah a banza. Ki yi shi a tsakar gida, kada ki haɗa jabel da wani maganin wanki, ki ɗauke kofin daga inda yara za su kai hannu.

To me ya sa wuta ta yaudare ni? Don na ƙona da yawa a lokaci ɗaya, kuma hancina na bi. Ƙaurin gashi yana da ƙarfi, ya danne warin roba. Yadda ake yi daidai shi ne ki kama sili uku ko huɗu kawai da hantsaki, ki kusanto da su gefen harshen wuta a hankali, kina kallo. Roba tana janyewa tana naɗewa tun wuta ba ta taɓa ta ba. Gashi yana ƙuna da ɗan ƙara, ya bar baƙin ƙullutu a baki. Ki jira ya huce, ki murza. Na gashi yana rugujewa ya zama gari kamar gawayi. Na roba yana nan da tauri kamar tsakuwar gero, in da sauran zafi ma ya manne miki a yatsa. Mutuwar wuta da kanta ba shaida ba ce, don irin Kanekalon ma da an janye ashana yake mutuwa. Ki maimaita sau biyar ko shida daga wurare dabam-dabam: ƙeya, tsakiyar kai, gefen kunne. Masu gauraya sun san inda ake yanka don gwaji, sukan sa mai kyau a gaba da sama, su cusa ɗayan a layukan ciki. Dillaliyar tawa, ko ta sani ko ita ma an cuce ta ne, Allah masani. Ta daina ɗaukar wayata dai.

Akwai abin da wuta da jabel duka ba sa kamawa, wato gashin dabba. Sunan gashin doki da iyayenmu suke kiran ƙarin gashi da shi ba daga sama ya faɗo ba. Gashin dabba da namu abu ɗaya aka yi su da shi, ƙauri ɗaya, toka ɗaya, jabel ya cinye su tare. Sai madubin gwaji ke raba su, don tsarin ɓawon ya bambanta, kuma bargon tsakiyar silin dabba yawanci ya fi faɗi. In kina da wani a ɗakin gwaji na lise ko na asibiti, ga dabara: a shafa man farce marar launi a gilashi, a kwantar da sili a kai, in ya kusa bushewa a ɗaga. Hoton ɓawon zai zauna a man, a duba shi a ninki ɗari ko fiye. Roba layi ne kawai za ta bari, ba zane.

Sai wani kashin kuma, wanda shi ya fi kowa kyau a hoto, shi kuma ya fi sa mata kuka: gashin mutum ne ɗari bisa ɗari, ba a yi miki ƙarya ba, amma ba ya kai wata biyu. Gashi mai daraja shi ne wanda aka yanko a ɗaure daga kai ɗaya, kamar wanda masu ziyara ke askewa a wurin bautar Tirumala a kudancin Indiya, hukumar wurin ta yi gwanjonsa. Duk silin yana kallon gefe ɗaya, shi ake ce wa remi. Mafi yawa kuwa tsintar mataji ne da na ƙasan shago, wani silin kai sama wani kai ƙasa. In aka bar shi haka ɓawon wannan zai sarƙe da na wancan, don haka a masana'antu, irin na birnin Xuchang na ƙasar Sin, ake tsoma shi a asid a ƙone ɓawon, a rina shi baƙi, a lulluɓe da silikon. Ranar da ya fito daga leda ya fi na Tirumala santsi. Wanki uku ko huɗu silikon ya tafi, sai ki ga ƙeya ta dunƙule kamar saƙar gizo, musamman mu da ke ɗaura ɗankwali da mayafi a kai, ga gumi, ga ƙurar hunturu. Wannan babu gwajin rana ɗaya da zai nuna shi sai wanki: ki wanke tsagi ɗaya sau uku da sabulu ba tare da man laushi ba, ki bar shi ya bushe da kansa, ki ga ko mataji zai wuce.

Sunayen da ke jikin leda kuwa, na Burazil, na Feru, 10A, 12A, babu wata hukuma da ke ba da su. Mai kaya ne ke bugawa. Yawancin abin da ake kira na Burazil daga Asiya ya fito.

Yanzu abin da hoto yake iyawa, don ba na so ki ɗauka ba shi da amfani. Yana nuna aikin hannu da awo, in kin san abin da za ki roƙa. Ki ce ta shimfiɗa perukin ta ɗora tef ɗin tela daga tsakiyar kai zuwa ƙarshe: inci 26 santimita 66 ne. Ki ce ta ɗora shi a sikelin kicin ki ga lambar. Ƙulli ɗaya giram ɗari ne ko ƙasa kaɗan, kuma tsawo irin wannan yana cin ƙulli uku kafin ya cika, ban da gaban, don haka in duka perukin da hularsa bai wuce giram ɗari biyu ba, ƙasansa zai fito kamar jelar ɓera. Ki ce ta juya cikinsa ki ga layukan ɗinki da tazarar da ke tsakaninsu, ta kuma ɗora ragar goshin a bayan hannunta ki ga ƙullin silin da launin ragar a kan fata irin tamu. Mafi amfani duka, ta riƙe shi a hasken rana, bayansa farin bango, ta ɗauki ƙarshen gashin kusa-kusa. Gashin mutum ba ya zuwa da tsawo ɗaya, akwai gajeru a ciki, ƙasan ya fi sama sirantaka, wani lokaci har ki tsinci furfura ɗaya ko sili mai ja. Akwai wanda ake tsince gajerun a bar dogaye zalla, amma tsadarsa ta ninka. In kin ga kauri ɗaya daga sama har ƙasa, launi ɗaya kamar an zuba tawada, kuɗin kuma kaɗan, to zargi ya yi ƙarfi.

A hotunanki abu biyu na lura da su. Na ɗaya da na huɗu ba a ɗaki ɗaya aka ɗauke su ba, kan gunkin ma ya bambanta, kuma a na huɗu an yanke gefen hoton daidai inda masu kaya ke sa tambarinsu. Wannan bai nuna ita macuciya ce ba, da yawa suna amfani da hoton wanda suke saro kaya a wurinsa, amma yana nufin abin da kika gani ba lallai shi za a sa miki a mota ba. Ki ce ta rubuta sunanki da kwanan wata a takarda ta ajiye kusa da kayan ta sake ɗauka. Wadda kayan ke hannunta minti biyu zai ɗauke ta.

Na biyu kuɗin. Gashi yana tsiro santimita ɗaya da ɗan ɗori a wata. Kafin ya kai santimita 66, wata mata ta yi shekara huɗu zuwa biyar tana rainonsa, kuma sau da yawa kai ɗaya ba ya cika peruki mai kauri irin na hoton. Ki ɗora kuɗin tsinta, ɗinki, jirgi, kwastan, ribar Duwala da motar da za ta hauro da shi har Marwa. A abin da nake saye da sayarwa, dubu 45 ba ta sayen ƙullin remi uku na wannan tsawo, balle a ɗinka. Araha ba ta ado. Zatona, kuma zato ne, ko gauraye ne ko zare mai jure zafi.

Hakan ba ya nufin kada ki saya. Don biki na kwana uku, zaren roba mai kyau yana fita kunya, a hoto ma ba wanda zai gane, kamar yadda ni ban gane ba. Ina da masu zuwa shagona da gangan suke neman roba, saboda abin da suka ji daga malamai a kan ƙari da gashin ɗan Adam, kuma wannan tambaya ce ta malamai, ba ta mai kitso ba. Abin da ba na so shi ne ki biya kuɗin wani abu a ba ki wani, ko ki kai shi wurin rini ya lalace ana gobe ɗaurin aure.

Sati uku ya isa a yi abu cikin natsuwa, ba a cinikin biri a sama. Ki nemi ta sako miki tsagi ɗaya a ambulan ta kamfanin mota, ki biya kuɗin aiken, sai dai ki sani samfuri yana iya bambanta da kaya. Wanda ya fi shi ne in kina da 'yar uwa a Duwala, ta je da ashana da hantsaki, ita za ta zaɓi inda za a cire silin, daga layin ciki na ƙeya, kuma perukin da aka gwada shi za ta fito da shi a hannunta. In babu, ku yi kiran bidiyo kai tsaye, ke ki nuna wurin, ta cire a gabanki ba tare da hannunta ya fita daga allo ba, ta ƙona, ta murza a kan farar takarda. Ƙauri ba zai iso Marwa ba, amma za ki ga ko gari ne ya zuba ko ƙwallo ne ya gangara. Sannan ku yi magana a rubuce: rabi yanzu, rabi bayan kaya ya kwana ɗaya a hannunki, don jabel ya samu darensa. Ki cire sili ashirin daga ciki inda ba zai nuna ba, kada ki yanke ragar goshi kafin sakamako ya fito, don da kin yanke ta ba mai karɓar kayan kuma. In ta ce ba ta yarda a ƙona ko sili uku ba, ki turo min awon kanki daga goshi zuwa ƙeya da kewaye, in duba abin da ke shago.